Abin da mai lalle ta gani a diddigena

Tun ina yarinya nake da tawadar Allah a gefen hancina na dama. Kakata takan dangwale ta da yatsa ta ce nan ne alƙalami ya ɗiga ranar da ake rubuta ni. Da ita na yi makaranta, da ita aka kai ni ɗakin miji, kuma yau da nake da shekara 49 tana nan inda take. Ta ɗan taso kaɗan fiye da da, gashi guda biyu suna fitowa a kanta, ina tsige su suna dawowa. Duk shekarun nan idan na ji ana maganar ciwon daji na fata, ita nake shafawa, gabana ya faɗi. Ashe ba ita ba ce. Wadda ta so ta kai ni ƙasa tana can ƙarƙashin ƙafata ta hagu, wurin da ko sau ɗaya ban taɓa ɗagawa na duba da niyya ba.

A Jos nake, Anguwar Rogo, ina koyarwa a wata firamare. Akwai wata baiwar Allah da ke yi mini lalle kowace Sallah, ta fi shekara goma tana yi. Duk wadda ta san ƙunshi ta san mai lalle ta fi ki sanin tafin ƙafarki. Ke kina kishingiɗe kina hira, ita kuwa ƙafar tana kan cinyarta, ta wanke, ta goge kaushi, ta bi ko'ina da ido kafin ta ɗora lallen.

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallar 2023 ta riƙe ƙafata ta yi shiru. Can ta ce, "Malama, wannan baƙin na diddigenki, kin san ya ƙaru kuwa?"

Na ce wane baƙi?

Ta ce, "Bara ma na gan shi, kamar ƙwayar dawa. Na ɗauka tawadar Allah ce ban yi magana ba. Yanzu ya kusa ƙwayar wake, kuma ya yi wani irin ƙafa-ƙafa a gefe guda."

Na naɗe ƙafa na leƙa da ƙyar, don wurin yana can gefen diddige ta waje. Na ga wani tabo shafe da fata, bai taso ba, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Na yi dariya na ce ai sanyin Jos ne, faso ne ya warke ya bar tabo. Kowa ya san yadda hunturun garin nan ke farfasa diddige. Ta ce to, Allah ya sa, ta shafe wurin da lalle, ya ɓace cikin ja, ni ma na manta. Wannan kuskurena ne na farko, kuma ba na ɗora shi a kan kowa. Mace ta gaya mini abu ya ninka girmansa cikin shekara guda, na ba ta amsa da yanayin gari.

Da lallen ya koɗe bayan wasu makonni, baƙin ya sake bayyana. Na biya wani kemis na nuna. Yaron da ke wurin ya leƙa daga nesa ya ce ƙwayar cutar fata ce irin ta masu yawan shiga ruwa, ya ba ni man shafawa. Na shafa mako huɗu safe da dare, ko gezau. Daga baya likita ta gaya mini cewa akwai irin wannan ƙwayar cutar da gaske, tana yin tabo ruwan ƙasa a tafin hannu ko ƙafa, amma magani yana share ta cikin makonni kaɗan. Akwai kuma jinin da kan taru ƙarƙashin fata idan takalmi ya matse ko an taka dutse, shi ma baƙi yake zama, amma yana fita da kansa yayin da fatar ke sabuntawa. Wato rashin jin maganin ma amsa ce aka ba ni, ban dai karanta ta ba.

Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Yuni. Mai lalle ta sake ɗaga ƙafar, wannan karon ba ta yi mini kara ba. Ta ajiye kwanon lallen ta ce, "Malama, wallahi ba zan rufe wannan ba. Zan yi miki ko'ina, in kewaye shi. Ki je a duba." Ta ƙwala wa 'yata kira ta ce ta zo da waya. 'Yar tawa ɗinki take koyo, sai ta ɗauko tef ɗin awo ta kara a gefen tabon ta ɗauki hoto. A hoton ne na fara ganinsa sosai, don ta buɗe shi ya cika fuskar wayar. Tsawonsa milimita 9, faɗinsa wajen 6. Gefe guda ruwan ƙasa ne mai haske, tsakiya baƙi wuluk, ɗaya gefen kuma launin ya zuba cikin fata kamar tawada ta ɗiga a kan tsumma, ba ka iya nuna inda ya tsaya.

Duk da haka sai da na ƙara mako uku. A cikinsu wata maƙwabciya ta ba ni shawarar a kira wanzami ya kankare shi, abin minti biyar. Wata kuma ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in je asibiti, idan daji ne ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai bazu. Ban san wace zan bi ba, sai na zauna tsakani ban bi ko ɗaya ba. Maigida ne ya raba gardamar. Shi mutum ne mai son tsofaffin waƙoƙi, wata rana da daddare ya ce mini, "Kin san abin da ya kashe Bob Marley? Baƙin tabo ne a farcen babban yatsan ƙafarsa. An gano shi a 1977, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Baƙin mutum ne kamar mu. Gobe ki shirya mu tafi Lamingo."

A can Lamingo, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, aka tura ni wurin likitar fata. Ga abin dariya, da na zauna gabanta, hancina na fara nuna mata. Na ce tunda na zo, ta fara duba wannan, ita ce ta daɗe tana damuna. Ta duba, ta tambaye ni tun yaushe take nan. Na ce tun haihuwa. Ta ce ta canza? Na ce ta ɗan taso dai a hankali cikin shekaru. Sai ta ba ni madubi ta ce in duba da kaina, ta bi da ni abu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in raba ta biyu da ido, shin rabin nan bai yi kama da rabin can ba? Ya yi. Bakinta a zagaye yake sumul, ana iya bin sa da alƙalami ba tare da an yi shakkar inda ya ƙare ba. Launinta guda ne daga gefe zuwa gefe. Ta ce tasowar da ta yi a hankali cikin shekara talatin ko arba'in, ta yi laushi, abu ne da tawadar Allah ta fuska ta saba yi idan mutum yana manyanta. Ƙananan baƙaƙen ƙurajen da suka fara fito mini a kumatu da wuya kuwa, irin waɗanda mahaifiyata ke da su, ta ce gado ne, sun yi yawa a baƙar fata, ba sa zama daji, wanda ya cire su don kwalliya ya cire.

Sannan ta ce, "To Hajiya, cire takalmi."

Ta daɗe a kan diddigen. Ta ɗiga wani ruwa a wurin, ta kafa wata 'yar na'ura mai gilashi da fitila, ta sa ido. Da ta ɗago sai ta tambaye ni ko na taɓa zuwa gonar dankali. Na ce wace 'yar Filato ce ba ta taɓa ba? Ta ce in dubi tafin hannuna, waɗannan siraran layukan da ake dangwala hannu da su. Fatar tafin hannu da ta tafin ƙafa kamar gona take, akwai kunya akwai kwari. Tawadar Allah ta lafiya a tafin ƙafa, yawanci launinta a cikin kwarin yake kwanciya, layi-layi siriri. Idan aka ga launin ya hau kan kunyoyin, inda ƙofofin gumi suke, ya yi faɗi, to hankalin likita yakan tashi. Nawa a kan kunya yake. Ido kawai ba ya ganin wannan, sai da na'urar, shi ya sa duk ƙwarewar mai lalle da ta kemis ba za su iya yanke hukunci ba. Ta ƙara da cewa Allah ya taimake ni da ba a rufe wurin da lalle ba, da jan ya hana ta ganin komai sai mun jira ya koɗe.

Na tambaye ta kai tsaye, daji ne? Ta ce ba za ta rantse ba sai an cire an duba a ɗakin gwaji, amma tana zargin wani nau'in sankarar fata da ake kira melanoma, wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Na ce ai na ji wannan ciwon Turawa ne, masu kwanciya a rana. Ta ce gaskiya ne ya fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, don launin fatarmu yana kare mu daga rana sosai. Amma idan ya zo wa baƙin mutum, ya fi zuwa inda launin ya yi ƙaranci: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan nau'in kuma ba rana ke kawo shi ba, don haka ba ruwansa da ko kina yawo a rana ko kina cikin kulle. Abin da ya sa yake yi mana ɓarna, in ji ta, shi ne ba ma ganinsa da wuri. Mutum sai ya zama gyambo, an yi wata shida ana wanke shi ana ɗaurewa a matsayin ciwon sukari ko sarar ƙusa, sannan a kawo shi.

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Sau biyar a rana nake wanke ƙafar nan a alwala, hannuna yana bi ta kan wurin, har ina tsefe tsakanin yatsu. Amma wankewa daban, dubawa daban. Tabon bai taso ba balle hannu ya ji shi.

Na faɗa mata shawarar wanzami da maganar ƙarfe. Ba ta yi dariya ba, ta ce ta saba ji. Ta bayyana mini cewa melanoma irin wannan yakan fara ne da yaɗuwa a saman fata, gefe-gefe, wani lokaci na tsawon watanni ko shekaru, kafin ya juya ya fara nutsewa ƙasa inda hanyoyin jini da na ruwan jiki suke. Idan aka kankare saman ko aka ƙona shi da wani magani, baƙin zai tafi, hankali ya kwanta, amma abin da ya rage a ƙasa zai ci gaba da aikinsa a ɓoye ƙarƙashin tabo. Kuma an zubar da naman da ya kamata a auna, ba wanda zai ƙara sanin zurfin da ya kai. Maganar ƙarfe kuwa, ta ce ga inda take ganin ta samo asali: mutane ba sa zuwa sai ciwon ya riga ya bazu, a yi aiki, bayan wata uku mutum ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta watsa shi. Alhali ya riga wuƙar tafiya.

Kafin in tashi ta sa na kwanta ta lalluba matsematsina na hagu da bayan gwiwa. Kaluluwa take nema. Mu mun san kaluluwa da fitowa idan an ji ciwo a ƙafa, ta yi zafi kwana biyu ta sace. Ta ce ta nan melanoma na ƙafa ke fara bi idan zai yi tafiya, sai dai tasa kaluluwar tauri gare ta, sau da yawa ba ta zafi, kuma ba ta sacewa. Ba ta ji komai ba. Aka yi mini hoton wurin, shi ma bai nuna komai ba.

Cirewar farko ba ta kai minti talatin ba. Allurar kashe zafi a diddige ce ta fi komai ciwo, ba zan ɓoye ba, na kira sunan Allah da ƙarfi har ma'aikaciyar jinyar ta riƙe mini hannu. Suka yanke tabon gaba ɗayansa da ɗan siririn gefe na lafiyayyar fata, kamar milimita 2, har zuwa kitsen ƙasa, suka sa a kwalba aka kai ɗakin gwaji. Jiran sakamakon ne ya fi yankan wuya. A kwanakin nan na yi sallar dare fiye da yadda na yi a Ramadan, na kuma rubuta wa maigida basussukan da ake bina da waɗanda nake bi a bayan littafin darasi, ya gani ya yi mini faɗa.

Sakamako ya fito, melanoma ne. Ina jin kalmar kunnuwana suka toshe, sai da likitar ta dafa ni ta ce in saurari sauran, don sauran ne labarin. Ta nuna mini wani layi a takardar: kauri, milimita 0.7. Ta ce a wannan ciwon ba faɗin tabon ne ya fi muhimmanci ba, zurfin da ya nutse ne. Ana auna shi a ƙarƙashin madubin gwaji daga saman fata zuwa ƙwayar da ta fi nisa a ƙasa, awon da ake kira da sunan likitan da ya fito da shi a 1970, Breslow. Abin da bai kai milimita 1 ba siriri ne, kuma yawancin masu irinsa suna rabuwa da shi da aikin tiyata kaɗai, musamman idan samansa bai fashe ya zama miki ba, nawa kuwa bai fashe ba. Idan ya wuce milimita 4, magana ta canza sosai. Na riƙe takardar ina ta kallon lambar. Tsakanin 0.7 da 4, duka-duka bai fi kaurin ƙwayar shinkafa biyu ba. A kan wannan ɗan tazarar nake ta ja-in-ja da mai lalle tun watan Afrilu.

Aka sake shiga da ni aiki na biyu, wannan karon aka yanke santimita 1 na fata kewaye da inda tabon yake, don kwashe duk wata ƙwaya da ta ɓuya a gefe. Fatar diddige ba ta jawuwa kamar ta ciki ko ta hannu, ramin ba zai ɗinku ba, sai da suka ɗebo fata daga cinyata suka dasa. Na yi makonni ban taka ƙafar ba, 'yata ce ke kai ni banɗaki, wurin da aka ɗebo fatar a cinya ma ya fi diddigen raɗaɗi a kwanakin farko. Zangon karatu na farko na shekarar bai same ni a aji ba sai can tsakiyarsa. Gwaji na biyu ya nuna gefen duk lafiya lau. Ba a yi mini ƙarin ruwan maganin daji ba, ba a gasa ni ba. Abin da aka ɗora mini shi ne in riƙa zuwa ana duba tabon da matsematsi da sauran jiki, da farko duk wata uku, yanzu an ƙara tazara.

Bayan na warware, gidanmu ya koma kamar asibiti. Duk 'yar'uwar da ta zo gaishe ni sai ta ɗaga mayafi ta nuna mini wani baƙi a wuya ko a baya ta ce, "Yaya, duba mini wannan." Ni ba likita ba ce, kuma ina faɗa musu haka. Amma tambayar da nake fara yi ita ce wadda aka fara yi mini: tun yaushe yake nan, kuma ya canza? Yawancinsu sai su ce tun suna yara, yadda yake haka yake. Irin wannan ba ya tayar mini da hankali. Kusan kowa yana da tawadar Allah, wasu goma, wasu fiye, kuma mafi yawansu za a binne mu da su ba su yi mana komai ba. Sababbi ma suna fitowa a ƙuruciya da samartaka ba tare da wata matsala ba. Wadda ta fito sabuwa fil bayan mutum ya haura arba'in, kamar tawa, ita ce ke son a sa mata ido. Ni ma da na ɗauka sai tsohuwar tawada ce ke rikiɗewa ta zama daji, ashe mafi yawan melanoma a kan fatar da ba ta da komai yake fitowa.

Ƙanwata ta zo a firgice wai tata ta yi jini. Da na bincika, sarƙa ce ta maƙale ta ta fizge. Ta warke cikin mako guda ba ta ƙara ba. Wannan daban yake da wadda ke zubar da jini ko ruwa haka kawai, ko ta yi ɓawo ya faɗi ya sake yi, ko ta ƙi warkewa har wata guda. Wata kuma mai juna biyu ta ce nata duk sun ƙara duhu. Ciki yana iya sa haka, amma na gaya mata abin da aka gaya mini: idan duka suka yi duhu tare, wannan lamarin ciki ne. Idan guda ɗaya ce ta ware tana girma ko tana canza siffa, sauran suna zaune, kada ta ce sai ta haihu. Tawadar Allah a jikin mutum ɗaya kamar 'yan gida ɗaya suke, suna kama da juna. Wadda ta fita zakka ita ake tuhuma.

Girma ma ana dubawa. Likitoci sukan ce abin da ya wuce milimita 6, wato kamar abin goge rubutu na gindin fensir, a kula da shi. Amma ni ba na son mutane su riƙe wannan lambar su kwanta a kanta. Lokacin da mai lalle ta fara ganin nawa bai kai haka ba, kuma tun a lokacin ciwon ne. Akwai masu babbar tawada tun haihuwa da ba ta taɓa motsi ba. A ganina motsin shi ne magana. Akwai ma wani nau'in da ba ya bin duk waɗannan alamun: ƙullutu ne mai tauri, zagayayye sumul, wani lokaci ja ko launin fata, yana girma cikin makonni. Wannan shi ya fi sauri, ba a ba shi wata guda ana kallo.

Maigida, wanda ya tura ni asibiti, shi ma sai da tsoro ya kama shi. Yana da baƙin layi a tsaye a farata uku ko huɗu, ya tuna da labarin da ya ba ni da bakinsa. Ya raka ni ganin likita ya miƙa mata hannu. Ta ce irin wannan layin ya zama ruwan dare a baƙar fata, musamman idan shekaru sun ja, kuma kasancewarsa a farata da yawa, siriri, launi guda, alama ce mai kwantar da hankali. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce guda ɗaya tak, galibi babban yatsan hannu ko na ƙafa, wanda faɗinsa ya wuce milimita 3 ko yake ƙara faɗi, ko ya fi faɗi a gindi fiye da a baki, ko launin ya tsallake farcen ya hau fatar da ke kewaye da shi, ko farcen ya fara tsagewa. Idan kuwa buguwa ce jini ya taru, baƙin yana tafiya gaba tare da farcen, a bayansa sabon farce mai tsabta ya biyo. Na ƙafa yana da nawa, yakan ɗauki watanni, amma ana ganin yana matsawa. Wanda ya tsaya a gindi yana ta fitowa ba ya ƙarewa, ba jini ba ne. Mu mata kuma da ke rina farce da lalle, sai mu riƙa duba gindin farcen idan sabo ya fito kafin a sake rufewa.

Yanzu ranar ɗaya ga kowane wata, bayan wanka, nakan zauna bakin gado da ƙaramin madubi in duba tafin ƙafafuna biyu, da tsakanin yatsu, da farata, in lalluba matsematsi. 'Yata takan duba mini baya da bayan kunne. Akwai wata 'yar tawada a tafin ƙafar dama da likita ta gani da na'urarta ta ce launinta a kwari yake, a bar ta. Ita ma muna ɗaukarta hoto da tef ɗin awo a gefe, a wuri guda kusa da taga don hasken ya zama iri ɗaya, don hoto ba tare da ma'auni ba yana ruɗi, yau ta yi girma gobe ta yi ƙanƙanta gwargwadon yadda aka riƙe wayar. Milimita 3 take tun hoton farko, har na watan jiya.

Fatar da aka dasa a diddigen ba ta da kauri kamar ta asali, da sanyi takan bushe ta yi tsami, dole ina shafa mata mai ina sa safa da takalmi mai taushi, na kuma daina tsayuwar awa biyu a gaban allo, kujera nake ja. Mai lallena har yanzu ita ke yi mini. Ba ta ɗora lalle a kan dashen, kewaye shi take yi da wani zanen ganye da ta ƙirƙiro don shi, har wasu sun fara cewa a yi musu irinsa. Sallar da ta wuce, tana cikin wanke mini ƙafa, ta ce ta tura wata amarya da uwar amaryar asibiti a kan baƙin da ta gani. Na amaryar an ce ba komai. Uwar kuwa ta ce sai bayan biki, kuma har ranar da muke maganar ba ta je ba. Na karɓi kwatancen gidan, a Gangare yake, ranar Asabar na hau keke na tafi da hoton diddigena na farko a waya.